Sitikar da Ke Hana Na'ura Aiki: Abin da Sanarwar Shugaban Ɗakin Gwaje-gwaje Ta Ƙunsa

Mai jinya da ya karɓo sakamakon gwajin jini a asibiti yakan duba lambobin da aka rubuta masa ya kai wa likita, shi ke nan. Ba ya ganin sikelin da aka auna sinadari a kansa, ba ya ganin ma'aunin zafin da ke cikin firji, balle ɗan bututun ɗiban ruwan nan da ma'aikata ke kira fifet. Amma kowace lamba da ke takardar ta bi ta hannun waɗannan kayan aiki, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana iya kaucewa daga daidai a hankali, ba tare da ya yi ƙara ko ya nuna wata alama ba.

Wannan ne ya sa a ɗakunan gwaje-gwajen da suka ɗauki inganci da muhimmanci, wata rana ma'aikata kan iso da safe su tarar da takarda daga shugaban sashe a allon sanarwa. Ba ta cika wuce shafi guda ba. Takan sanar cewa daga rana kaza, kowace na'urar awo za ta ɗauki sitika mai nuna ranar da aka tantance ta da ranar da wa'adin tantancewar zai cika, kuma duk wadda wa'adinta ya wuce, a ajiye ta, kada kowa ya taɓa. Gajeriyar takarda ce, amma tana sauya yadda ake aiki a kowane benci.

Me ake nufi da tantance na'ura?

Tantancewa ita ce a gwada abin da na'ura ke nunawa da wani ma'auni da aka riga aka san gaskiyarsa. Idan sikeli ne, sai a ɗora masa dutsen awo da aka tabbatar giram 100 ne, a ga abin da zai nuna. Idan ma'aunin zafi ne, a tsoma shi wuri ɗaya da wani ma'aunin da ya fi shi sahihanci, a kwatanta. Bambancin da aka samu shi ake rubutawa a takardar shaida, tare da bayanin iya shakkar da ke cikin awon kansa, domin babu awon da ba shi da 'yar tazara.

Tantancewa daban, saiti daban. Mai tantancewa yana faɗin inda na'ura take ne kawai. Idan an ga ta kauce, sai a yi mata saiti ko gyara, sannan a sake tantancewa. Shi ya sa takardar shaida mai kyau kan nuna sakamako biyu idan an taɓa na'urar: yadda aka same ta, da yadda aka bar ta. Na farkon ya fi muhimmanci ga mai son sanin halin gwaje-gwajen da aka yi a baya.

Shi ma dutsen awon da aka yi amfani da shi, wani ne ya tantance shi da wanda ya fi shi, har a kai ga ma'aunin duniya. Daga 1889 zuwa 2019, tushen kilogiram wani ɗan curin ƙarfe ne na falatinam da iridiyam da ke ajiye a Sèvres, kusa da birnin Paris. Daga 20 ga Mayu 2019 aka koma dogaro da wani adadi na kimiyyar lissafin halitta wanda ba ya canzawa. A Najeriya, hukumar SON tana da cibiyar ma'aunai ta ƙasa a Enugu, ita kuma MLSCN, majalisar da ke kula da aikin gwaje-gwajen lafiya, tana da cibiyar tantance kayan aiki a Abuja. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke wannan aiki. Abin da shugaban sashe zai duba kafin ya ba su aiki shi ne ko ma'aunansu suna da wannan silsila, kuma ko an amince musu su tantance irin wannan na'urar.

Abin da ke kan sitikar

Shugaban da ya fitar da sanarwar ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. Ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta 2017, wadda ɗakunan gwaji da na tantancewa ke bi a duniya, ta tanadi cewa duk na'urar da ke buƙatar tantancewa a yi mata alama yadda mai amfani da ita zai gane matsayinta nan take. Ɗakunan gwajin asibiti suna da tasu ƙa'idar, ISO 15189, mai irin wannan buƙata. Masu binciken SLIPTA, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka da ke ba ɗakunan gwaji taurari har biyar, suna da sashe guda a takardar bincikensu kan kayan aiki, kuma sitikar da ke jikin na'ura tana cikin abubuwan da ido ke fara sauka a kai.

Sitikar kan ɗauki abubuwa huɗu: lambar na'urar, ranar da aka tantance ta, ranar da wa'adi zai cika, da sa hannun wanda ya manna. Lambar ita ce ke haɗa na'urar da takardar shaidarta da ke fayil. A ɗakin da ke da fifet goma masu kama ɗaya, in babu lamba ba wanda zai iya rantsuwa cewa wannan takarda ta wannan fifet ɗin ce.

Yawancin wurare suna amfani da launi uku. Kore na nufin na'urar tana cikin wa'adi. Ruwan ɗorawa na nufin an taƙaita amfaninta, misali sikelin da ya ci jarrabawa daga giram 1 zuwa 100 amma ya faɗi a sama da haka, sai a rubuta iyakar a jikin sitikar. Ja na nufin kada a yi aiki da ita. Ƙa'idar ba ta wajabta launi ba, al'adar aiki ce, don haka sanarwa mai kyau takan fayyace ma'anar kowane launi maimakon ta bar kowa ya yi hasashe. Akan ƙara alama ta huɗu ga kayan da ba sa buƙatar tantancewa, kamar agogon bango, domin kada rashin sitika ya zama abu mai fassara biyu.

Ƙananan abubuwa ne ke kawo cikas. Idan aka rubuta 03/04/2025, injiniyan da ya saba da tsarin Amurka zai karanta 4 ga Maris, ma'aikacin benci kuma ya karanta 3 ga Afrilu. Maganin shi ne a rubuta sunan watan da haruffa. Tawadar biro tana gogewa idan ana share na'ura da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kullum, zafi kuma yana ɗaga gam, don haka akan rufe sitikar da salatif mai haske. Sannan a manna ta a jikin na'urar, inda hannu da ido ke kaiwa. Wadda aka manna a murfi ko a kwali tana iya komawa kan wata na'urar.

Wa ke yanke wa'adin?

Mutane da yawa suna zaton shekara guda doka ce. Ƙa'idar ba ta ambaci adadin watanni ba. Hasali ma ta ce mai tantancewa kada ya rubuta shawarar wa'adi a takardar shaida ko a sitika sai in ya yi yarjejeniya da mai na'urar. Ɗakin gwajin ne ke yanke wa'adi, yana duba shawarar kamfanin da ya ƙera na'urar, yawan aikin da take yi, yanayin wurin, da tarihinta.

Fifet ɗin da ake dannawa ɗaruruwan sau a rana ba zai yi wa'adi ɗaya da wanda ake ɗauka sau biyu a wata ba. Shi ya sa za a ga wani wata shida, wani shekara, wani ma wata uku. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar yanayi yana ƙara nauyi: ƙurar hunturu tana shiga sikeli, zafin bazara yana wahalar da firji, sauyawa tsakanin wutar gari da janareto kuma tana girgiza na'urorin lantarki. Idan na'ura ta ci jarrabawa sau uku a jere da tazara mai kyau, ana iya tsawaita wa'adinta. Idan ta faɗi, a gajarta.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe wa'adi tun kafin ranarsa. Fifet ya faɗi ƙasa, an gyara na'ura, an ɗauke sikeli daga wani ɗaki zuwa wani, ko sakamako ya fara ba da shakka. A duk waɗannan, koriyar sitika ba ta da sauran amfani ko da saura wata biyar.

Idan rana ta wuce

Nan ne zuciyar sanarwar. Wucewar wa'adi ba ta nufin na'ura ta lalace a daren. Abin da take nufi shi ne ɗakin gwajin ba shi da sauran hujjar cewa tana daidai, kuma ba a fitar da sakamakon mai jinya a kan kyakkyawan zato.

Matakan da sanarwar kan jera ba su da wuya. Duk wanda ya ga sitikar da ranarta ta wuce, ko ɗalibi ne mai neman sanin aiki, ya dakata da amfani da na'urar nan take. Ya manna jar alama. Idan ƙarama ce, a kai ta durowar da aka keɓe a kulle. Idan babba ce, a cire ta daga wuta a rataya alamar a kan makunni. A sanar da jami'in kula da inganci, a rubuta a littafi. Keɓewar tana da dalili: da ƙarfe biyun dare, ga mai haƙuri a sashen gaggawa, ma'aikacin da ya gaji zai ɗauki abin da ya fi kusa da hannunsa.

Shugaba mai hangen nesa yakan ƙara layi guda, cewa ba za a hukunta wanda ya kawo rahoto ba. In ba haka ba, ma'aikata za su koyi kawar da kai, ko kuma a samu wanda zai gyara kwanan wata da biro, wanda ya fi komai muni domin ya mayar da sitikar shaidar zur.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka akwai fifet mai lamba F-07 a sashen gwajin sinadaran jini, mai ɗiban maikurolita 1000, wato mililita guda. An tantance shi ranar 10 ga Maris 2025, wa'adinsa wata shida, zai cika 10 ga Satumba. Sai ranar 24 ga Satumba wata ma'aikaciya ta lura cewa mako biyu ke nan ana aiki da shi bayan wa'adi. Ta manna ja, ta kai rahoto.

Abu na farko da jami'in inganci zai hana shi ne a buɗe fifet ɗin a wanke ko a yi masa saiti. Sai an auna shi yadda yake, domin da zarar an gyara, shaidar abin da ya faru a baya ta ɓace.

Ana auna fifet ne da tataccen ruwa da sikeli mai tsananin daidaito wanda shi kansa yake cikin wa'adi. A ɗebi ruwa, a zuba a ƙaramin mazubi a kan sikeli, a rubuta nauyi, har sau goma. A zafin ɗaki kusan digiri 21, miligiram guda na ruwa yana daidai da kimanin maikurolita 1.003. A ce matsakaicin awo goman ya ba da miligiram 982. Idan aka ninka da 1.003, an sami maikurolita 985. Fifet ɗin yana rage 15 a kowane ɗiba. Ƙa'idar ISO 8655 ta yarda da kuskuren da bai wuce maikurolita 8 ba, sama ko ƙasa, ga fifet mai wannan girma. F-07 ya faɗi, ya kusa ninka iyakar.

Sau da yawa musabbabin ba ya wuce ɗan zoben robar da ke ciki, wanda ya gaji ya fara barin iska ta shiga. Ma'aikaci yana iya gane alamar da kansa: ya ɗebi ruwa, ya riƙe fifet a tsaye na ɗan lokaci, idan ɗigo ya taru a baki, akwai yoyo.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: tun yaushe? Ba daga 10 ga Satumba za a fara lissafi ba, domin zoben roba bai san kalanda ba. Ana komawa ne zuwa ranar ƙarshe da aka tabbatar fifet ɗin lafiya yake. Idan babu wani gwaji tun Maris, to aikin wata shida da rabi ya shiga zargi. Amma a wannan ɗakin ana ɗan gwajin tsakani kowane wata, kuma littafi ya nuna ranar 4 ga Agusta F-07 ya ba da maikurolita 996, cikin iyaka. Na Satumba ne ba a yi ba. Saboda haka binciken ya taƙaita ga makonni bakwai, daga 4 ga Agusta zuwa 24 ga Satumba.

Sai a duba me aka yi da shi. Littafin aiki ya nuna cewa sau biyu a wannan tsakani an yi amfani da F-07 wajen narkar da garin sinadarin da ake saita babbar na'urar gwajin jini da shi. Garin yana zuwa ne a kwalba, a zuba masa mililita guda na ruwa. Da ruwan ya ragu da kashi 1.5 cikin ɗari, sinadarin ya yi kauri da kusan haka. Na'urar kuwa an gaya mata cewa ƙarfinsa daidai yake da abin da ke rubuce a takarda, don haka ta riƙa karanta jinin kowa ƙasa da gaskiya da kashi 1.5. Kamar mudun da ya fi ƙa'ida girma ne: duk hatsin da aka auna da shi zai fito ƙasa da adadinsa.

Mai karatu zai ce, ai kullum safe ana gwada na'ura da jinin gwaji da aka san adadinsa, me ya sa bai tona asiri ba? Saboda shi ma gari ne, kuma da F-07 aka narkar da shi. Ya yi kauri da kashi 1.5, na'ura ta rage masa kashi 1.5, sai ya fito daidai. Kuskure biyu sun rufa wa juna asiri, takardar lura ta cika da lambobi masu kyau. Wannan ne dalilin da ya sa gwajin safiya ba ya maye gurbin tantancewa, kuma shi ya sa ƙwararru ba sa son a narkar da sinadaran biyu da fifet ɗaya.

Wa abin ya shafa? Ga gwajin sukari, kashi 1.5 ƙaramin kuskure ne. Mai 5.0 an rubuta masa 4.9, mai 15.0 an rubuta masa 14.8, kuma babu likitan da zai sauya shawara saboda haka. Matsalar tana bakin iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa milimol 7.0 a kowace lita, ga wanda bai ci komai ba tun dare, a matsayin mafarin ciwon sukari. Mutumin da gaskiyar jininsa 7.0 ne, an ba shi 6.9, ya faɗa rukunin waɗanda ake cewa suna dab da ciwon. Don haka jami'in inganci zai zaƙulo sakamakon da suka faɗo daf da iyakar a waɗannan makonni, shugaban sashe ya sanar da likitocin da suka turo su, a kira masu su a sake gwaji. Haka za a bi sauran gwaje-gwajen da aka saita da wannan sinadari ɗaya bayan ɗaya, a rubuta hukuncin da aka yanke a kan kowanne da dalilinsa, har waɗanda aka ce ba sa buƙatar komai.

Da a ce F-07 ya ci jarrabawa, labarin ya fi sauƙi: sakamakon baya suna nan daram. Duk da haka sai an rubuta cewa an yi aiki da shi mako biyu bayan wa'adi, a kuma gano ramin da ya bari hakan ta faru.

Na'urar da ba ta da madadi

Fifet ana iya ɗauko wani. Amma idan sikeli ɗaya ne a sashen, ko na'urar juya jini guda ce a asibitin, kuma injiniyan da zai zo daga Abuja ko Legas ya ɗage tafiya, ko kuɗin aikin bai fito ba? Sanarwar da ta yi shiru a kan wannan tana gayyatar a karya ta a ɓoye.

Hanyar da ake bi ita ce ƙarin wa'adi a rubuce. Shugaban sashe ne kaɗai ke sa hannu, na ɗan lokaci ƙayyadadde, kamar kwana talatin, kuma sai in tarihin na'urar yana da kyau, gwajin tsakani kuma yana nuna tana daidai. A lokacin ana yawaita gwajin, a sauya sitika zuwa ruwan ɗorawa mai sabuwar rana. Na'urar da ta taɓa faɗuwa a tantancewar baya ba ta cancanci wannan sassauci ba. Aikinta sai a tura wani ɗakin gwaji. Idan kuma ƙarin wa'adi ya zama abin kowane zango, to tsarin ne ya lalace.

Don kada a kai ga haka, bayan sitikar akwai rajista mai jera dukkan na'urori da ranakunsu, da mutum guda da aka ɗora wa alhakin dubawa a farkon kowane wata ya fitar da waɗanda wa'adinsu zai cika nan da kwana talatin ko sittin. Ana kuma rarraba ranakun. Idan fifet goma duk an tantance su rana ɗaya, rana ɗaya za su mutu, benci ya zama fayau. Raba su gida biyu da tazarar wata uku yana tabbatar da cewa kullum akwai rabi a hannu. Kuɗin tantancewa kuma ya shiga kasafin shekara tun farko, kusa da kuɗin sinadarai.

Dawowar na'ura ma tana da ƙa'ida. Takardar shaida ba ta nufin an ci jarrabawa. Wasu takardun lambobi kawai suke bayarwa, sai jami'in inganci ya kwatanta su da iyakar da ɗakin ya yarda da ita. Na'urar da ta sha hanya a mota kuma sai an ɗan gwada ta kafin a sake ta. A misalin F-07, bayan an canza zoben roba an sake awo goma, ya ba da maikurolita 1001. Aka cire jar alama, aka manna kore, aka rage wa'adinsa daga wata shida zuwa uku har sai ya ci jarrabawa sau biyu a jere. Gwajin wata-wata ya koma cikin jadawalin aiki da sunan mai yinsa, aka kuma ware wani fifet na dabam don narkar da jinin gwaji na safiya.